Tambayoyi da amsoshi kan haɗa na'urorin awo na gona da getwe ta hanyar LoRa, daga Dadin Kowa zuwa Balanga

Waɗannan su ne tambayoyin da masu noman rani, ɗaliban injiniya da masu aikin sola a Gombe suka fi yi idan za su sa na'urar auna damshin ƙasa ko tsayin ruwa a wurin da ke nesa da gari. Na fi tsayawa a kan matsala guda, domin ita ce ke kashe yawancin irin wannan aiki: an sayi kaya masu kyau, an kafa, amma saƙo ba ya isowa.

Mene ne LoRa, kuma me ya bambanta shi da LoRaWAN?

LoRa hanya ce ta aika ɗan ƙaramin saƙo ta rediyo zuwa nesa da wuta kaɗan. Wani ƙaramin kamfani a Faransa mai suna Cycleo ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Semtech ya saye shi a 2012. Shi kuwa LoRaWAN tsari ne da aka ɗora a kai, wanda ke fayyace yadda na'ura za ta gabatar da kanta, yadda za a kulle saƙo da mabuɗi, da lokacin da za ta saurari amsa. Ƙungiyar LoRa Alliance, wadda aka kafa a 2015, ita ke kula da shi.

Abubuwa uku ne a cikin aikin. Akwai na'urar awo a gona, mai batir da eriya. Akwai getwe, wato akwatin da ke sauraron duk na'urorin da ke kewaye, ya miƙa abin da ya ji zuwa intanet ta layin waya. Sai saba, irin su ChirpStack ko The Things Stack, inda ake buɗe saƙon a ga lambobin da ke ciki. Getwe ba ya karanta saƙo, ba shi da mabuɗin. Aikinsa ji da miƙawa.

Me ya sa ba za a sa wa kowace na'ura sim kawai ba?

Idan na'ura ɗaya ce ko biyu, kuma netwok yana da ƙarfi a wurin, sim ɗin ya fi sauƙi, kuma ina ba da wannan shawarar ba tare da wani nauyi ba. Amma idan na'urori ashirin ne a fadama, layuka ashirin ke nan da za a riƙa sa wa data, kuma rediyon wayar salula yana shan batir sosai. Da LoRa sim ɗaya ne a getwe. Sharaɗin dai shi ne saƙon ya zama ƙarami: damshi, zafi, ƙarfin batir, tsayin ruwa. Hoto ko murya ba sa bi ta nan. Idan aka saita na'ura ta kai nisa mafi yawa, saƙo ba ya wuce bayit 51.

Wace mitar rediyo zan saya? Na ga 433, 868 da 915.

Sayi 868. A tsarin LoRaWAN, Najeriya tana cikin ƙasashen da ake amfani da EU868, wato tsakanin 863 da 870 MHz, kuma tashoshi uku na farko da kowace na'ura ke farawa da su su ne 868.1, 868.3 da 868.5 MHz. Kayan 915 na Amurka ne, daga 902 zuwa 928 MHz, kuma wani ɓangare na wannan fili a ƙasarmu wayoyin salula ne ke magana da turakun sadarwa a cikinsa. Idan aikin babba ne, na ƙungiya ko na kasuwanci, a tuntuɓi hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, kafin a shigo da kaya.

A kula da eriya ma. An yanka kowace eriya ne daidai da mitarta. Eriyar 433 za ta shiga bakin na'urar 868 lafiya lau, amma nisan da za ta kai zai faɗi warwas. Sannan kada a kunna na'ura ta aika saƙo babu eriya a jikinta, domin hakan yana iya ƙona sashen aikawa.

A kwali an rubuta kilomita 15. Me ya sa tawa ba ta kai ko huɗu?

Wannan ita ce babbar tambaya, kuma amsarta tsayi ne. Wanda ya rubuta kilomita 15 bai yi ƙarya ba, amma ya auna ne da getwe a saman dogon gini, babu abin da ya tare tsakani. A gona kuwa, mutane sukan ɗaure na'ura a ɗan guntun itace kusa da ƙasa, su rataye getwe a bangon ɗakin mai gadi.

Igiyar rediyo ba ta tafiya a siririn layi. Tana buƙatar fili a kewayen layin, kuma filin ya fi faɗi a tsakiyar tafiyar. Ana kiransa yankin Fresnel, kuma ana lissafa rabin faɗinsa a tsakiya haka, inda d ke nufin nisa a kilomita, f kuma mitar rediyo a GHz:

```
r = 8.66 × √(d / f)
r = 8.66 × √(4 / 0.868) ≈ 18.6 m
```

Ke nan a tafiyar kilomita 4, ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan fili ya zama a buɗe, wato wajen mita 11 ƙasa da layin da ya haɗa eriyoyin biyu. Babu mai samun wannan a shimfiɗaɗɗiyar fadama. Don haka ƙasa kanta ce ke cinye ƙarfin saƙon, ko da kana tsaye a gona kana hango ɗakin da getwe yake.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: a fili shimfiɗaɗɗe, duk lokacin da ka ninka tsayin eriya ɗaya sau biyu, ka ƙara kusan 6 dB. Ga wanda bai saba da wannan ma'auni ba, 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi, 6 dB ninki huɗu, 10 dB ninki goma.

A ba mu misali da lambobi.

Mu ɗauki gonar shinkafa da masara a filin ban ruwa na Dadin Kowa, ƙasa da madatsar da ke kan kogin Gongola. Na'urar damshi tana nisan kilomita 4 daga getwe. An ɗaure ta a tsayin rabin mita, getwe kuma yana bango a tsayin mita 3.

Na'urar tana aikawa da ƙarfin 14 dBm, wato miliwat 25, wanda shi ne abin da kayan EU868 suka saba bayarwa. Eriyarta tana ƙara 2 dB, ta getwe tana ƙara 3 dB, waya da mahaɗi suna cin 1 dB. Jimla 18. Asarar hanya a fili shimfiɗaɗɗe ana kintata ta da wannan lissafi, inda d ke nufin nisa, h1 da h2 kuma tsayin eriyoyin biyu, komai a awon mita:

```
asara = 40·log(d) − 20·log(h1 × h2)
      = 40·log(4000) − 20·log(0.5 × 3) ≈ 141 dB
```

Idan aka cire 141 daga 18, saƙon ya isa getwe da ƙarfin −123 dBm. Shi kuwa getwe, ko babu mai magana, yana jin hayaniyar kansa da ta sarari a wajen −117 dBm. Saƙon ya zo ƙasa da hayaniya da 6 dB ke nan. LoRa tana iya tsamo saƙo daga ƙarƙashin hayaniya, wannan ce baiwarta, amma a mataki mafi sauri iyakarta 7.5 dB ne ƙasa da hayaniyar. Ragowar da ta rage ɗaya da rabi ce kacal. Ranar da aka kafa, komai zai yi aiki, kowa ya tafi gida da murna. Bayan makonni, masara ta tashi ta rufe na'urar, ganye ya jiƙe da raɓa, saƙo ya fara ɓacewa.

Yanzu a ɗaga na'urar zuwa mita 2 a kan bututun ƙarfe, a mayar da getwe saman tankin ruwa ko dogon turke mai mita 10. Lissafin ya koma 144 a cire 26, wato asarar 118 dB. Saƙon zai isa da −100 dBm. An sami ƙarin 23 dB, kusan ninki ɗari biyu na ƙarfi, ba tare da an canja na'ura ko batir ba. Bututu da turke kawai aka saya.

Wannan lissafi kintace ne na fili mai laushi, bai sa bishiyoyi da gidaje a ciki ba. Amma yana nuna inda ya kamata kuɗi ya tafi. Idan masara ce a gonar, mita 2 ma bai isa ba, tunda tana wuce haka. A kai eriyar mita 3. Kan na'urar da ke auna damshi yana cikin ƙasa, a ja masa waya ya hau bututun, rediyon ya zauna a sama.

Mene ne wannan SF7 zuwa SF12 da nake gani? Ba sai in sa SF12 in huta ba?

Idan mutum zai kira wani da ke ƙetaren kogi, yakan ja kowace kalma a hankali domin a fahimce shi. Haka SF take: daga 7 zuwa 12, kowane mataki yana jan saƙon kusan ninki biyu na lokaci, a madadin haka getwe yana iya jin sa ƙasa da hayaniya da ƙarin 2.5 dB. SF7 tana tsayawa a −7.5 dB, SF10 a −15, SF12 a −20.

Duba ribar da kyau. Daga SF7 har SF12, duk abin da aka samu 12.5 dB ne, wanda bai kai abin da tsayi ya ba mu a misalin sama ba. Ga kuma kuɗin da ake biya. Saƙo mai bayit 10, idan aka ɗora masa bayit 13 na tsarin LoRaWAN, yana ɗaukar kusan milisakan 62 a iska a SF7, milisakan 206 a SF9, amma kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a SF12. Ninki ashirin da huɗu ke nan. Duk tsawon wannan lokaci batir na zuba, kuma tashar tana cike, wanda ke ƙara yiwuwar saƙonni biyu su yi karo.

Akwai iyaka kuma. Kayan EU868 suna bin dokar kashi ɗaya cikin ɗari a waɗannan tashoshi, wato bayan saƙon daƙiƙa ɗaya da rabi, na'ura za ta yi shiru na wajen minti biyu da rabi kafin ta sake amfani da wannan ɓangare. Mai amfani da sabar kyauta ta The Things Network kuma, an ba kowace na'ura daƙiƙa 30 na aikawa a yini, da saƙonni 10 masu saukowa daga saba zuwa na'ura. Na'urar da ke aikawa duk rabin awa a SF12 tana cin daƙiƙa 71 a yini, ta zarce iyaka fiye da ninki biyu. A SF7 daƙiƙa 3 take ci.

Shawarata ita ce a gyara tsayi har na'ura ta zauna a SF9 ko ƙasa, a bar SF12 ga wadda ta fi kowa nisa. A kunna ADR ga duk na'urar da ba ta motsi: saba tana duba saƙonni kamar 20 na baya, ta umarci na'urar ta sauko mataki idan akwai ragowa. Idan na'urar tana jikin abin hawa ko wuyan saniya, a kashe ADR, domin awon jiya ba ya nuna inda take yau.

Yaya zan gane lafiyar haɗin daga abin da ke kan allo?

Kowane saƙo yana zuwa da bayanai irin waɗannan:

```
"f_cnt": 412, "rssi": -118, "snr": -6.2, "spreading_factor": 7
```

Mutane sun fi kallon RSSI, wato ƙarfin abin da getwe ya ji, amma idan saƙo ya yi rauni, SNR, wato yadda saƙon ya fi hayaniya ko ya gaza ta, ita ce ke faɗin gaskiya. Da zarar saƙo ya nutse ƙasa da hayaniya, RSSI takan tsaya a tsakanin −115 da −120, domin hayaniyar take aunawa. Sai ka ɗauki SNR ka gwada ta da iyakar matakin da kake. A misalin nan, −6.2 ne a SF7 mai iyakar −7.5, ragowa bai kai 2 dB ba. Ni ba na barin na'ura a gona sai na ga ragowar kusan 10 dB, musamman idan a rani aka kafa kuma ana son ta ƙetare damina.

Lambar f_cnt tana ƙaruwa da ɗaya a kowane saƙo. Idan ka ga 412 sai 415, biyu sun ɓace a hanya. Daga nan sai a duba yanayin ɓacewar. Idan na'ura ɗaya ce ke ɓata saƙo, matsalar tana wajenta. Idan duka suka yi shiru lokaci guda kuma suka dawo tare, getwe ne ko layinsa na intanet. Idan kuwa RSSI tana da kyau, kamar −95, amma SNR ta faɗi, akwai mai hayaniya kusa da getwe: turken sadarwa, ko inbata mai araha da aka ajiye dab da shi.

Ruwan sama da hazon hunturu suna tare saƙo?

A wannan mita, ɗigon ruwa da ƙurar hunturu ba sa rage saƙo yadda za a damu. Abin da damina ke yi daban ne. Ganye yana yawaita kuma yana jiƙa, dogon yaro da mangwaro su cika, sannan ruwa yana shiga mahaɗin eriya. Alamar ruwa a mahaɗi ita ce duk na'urori su yi rauni tare bayan ruwan farko, kuma kada su farfaɗo ko rana ta fito. A naɗe kowane mahaɗi na waje da tef ɗin roba mai manne kansa, a bi da baƙin tef a sama, a lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga akwati domin ruwa ya ɗiga waje.

Tsawa ita ce babbar barazana ga getwe da ke saman turke. A sa abin kare tsawa tsakanin eriya da getwe, a haɗa shi da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa da waya mai kauri. Illar hunturu kuwa a kan farantin sola take, sai an riƙa share ƙura.

Idan tudu ya shiga tsakani fa?

Dutse ba ya jin ƙarin ƙarfi. A wuraren da ƙasa ke hawa da sauka, kamar gefen dutsen Bima, ko kudancin jiha wajen Kaltungo, Tula da Balanga, na'urar da ke bayan tudu a nisan kilomita 2 tana iya yin shiru alhali wata a kilomita 10 tana isowa. Mafita ita ce getwe ya hau tudun, ko a ƙara na biyu a ɗaya gefen. A LoRaWAN na'ura ba ta ɗaure da getwe guda. Duk wanda ya ji ya miƙa, saba ta zubar da maimaicin. Don haka ƙara getwe ba ya buƙatar a taɓa ko na'ura ɗaya.

In bar getwe a ɗaki in ja doguwar waya zuwa eriya a sama?

A'a, idan da hali. Siririyar wayar RG58 tana cin kusan rabin dB a kowace mita a 868 MHz, wato mita 10 sun cinye 5 dB, rabin ribar hawa turken. Mai kauri irin LMR-400 tana cin wajen 1.3 dB a wannan tsawo, amma tana da tsada. Abin da ya fi shi ne a sayi getwe na waje, a ɗaure shi a saman turke dab da eriya, a hau masa da wuta ta wayar netwok.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata wa mutane mako guda: akwai mahaɗin SMA da RP-SMA. A ido iri ɗaya ne, kuma suna ɗauruwa da juna, amma idan aka haɗa waɗanda ba su dace ba, babu allura a tsakiya, eriyar ba ta taɓa komai. Alamar ita ce na'ura tana aiki a cikin ɗaki ɗaya da getwe, amma da an fita 'yan mitoci ɗari sai shiru. A kwance a leƙa ciki. Kuma duk eriyoyi su tsaya a tsaye. Wadda aka kwantar tana asarar ƙarfi mai yawa.

Da gaske batir yana shekaru?

Yana yi, idan na'urar tana barci da gaske. Mu ɗauki batirin lithiyam mai bolt 3.6 da ba a cajinsa, girman na rediyon hannu, mai kusan 2400 mAh. Idan rediyon yana jan 40 mA lokacin aikawa, sau 48 a yini, a SF7 abin da ya ci bai kai 0.04 mAh ba, a SF12 kuwa kusan 0.8 mAh. Barci a 10 µA yana cin 0.24 mAh a yini. Ko an ƙara abin da kan awo da sauraron amsa ke ci, shekaru ne a gaba.

Inda ake faɗuwa shi ne allunan gwaji da ɗalibai ke haɗawa. Da yawansu suna da fitila da sashen USB da ba sa kashewa, sai allon ya riƙa jan 2 mA ko yana barci. Wannan 48 mAh ne a yini, batirin ya ƙare cikin kwana 50. Kafin a kai na'ura gona, a sa na'urar auna wuta a layin batir a auna abin da take ja tana barci. Zafin watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana rage ran batir, don haka akwatin ya zama fari, a yi masa 'yar rumfa, a toshe ramukan da tururuwa ke bi.

Getwe kuwa ba ya barci. Wanda ke jan wat 5 yana cin wat-awa 120 a yini. Farantin sola na wat 50 zuwa 80 da batir mai bolt 12 na 40 Ah za su riƙe shi, har da kwanakin hadari na watan Agusta.

Na'ura tana ta aika Join amma ba ta shiga. Ina matsalar?

A fara da shafin getwe. Idan ba a ganin saƙon neman shiga ko kaɗan, matsalar rediyo ce: mita, eriya ko nisa. Idan ana ganin sa amma saba ba ta amsa, a sake duba DevEUI, JoinEUI da AppKey, wato lambobin shaida da mabuɗin da aka yi wa na'urar rajista da su, harafi bayan harafi, kuma a lura ko an juya jerin bayit, domin wasu manhajoji suna son a rubuta lambobin EUI daga ƙarshe zuwa farko. Idan saba ta amsa amma na'urar ta ci gaba da nema, amsar ce ba ta isa ba. Ana aika ta daƙiƙa 5 bayan nema, don haka ko dai layin intanet na getwe yana da jinkiri sosai, ko na'urar tana can gefen iyaka inda getwe ke jin ta amma ita ba ta jin sa. A kawo ta kusa a gwada, amma kada a manna ta da getwe. A bar tazarar 'yan mitoci, domin ƙarfi da yawa ma yana toshe kunnen mai karɓa.

Idan netwok ya ɗauke, saƙonnin suna jira?

A yawancin getwe masu sauƙi, ba sa jira. Abin da aka ji lokacin da babu intanet ya tafi ke nan. Inda layi ke yawan yankewa, a nemi getwe mai saba a cikinsa, wanda zai adana awon a wurin, ko na'urar da ke ajiye awonta ta sake aikawa daga baya.

Wane gwaji zan yi kafin in zuba siminti?

A ɗora getwe a wurin da ake niyya, a tsayin da ake niyya, ko da da igiya ne na wucin gadi. A ɗauki na'ura ɗaya a kan sanda mai tsayin bututun da za a kafa, a kashe mata ADR, a tsayar da ita a SF9. Mutum ɗaya ya hau babur ya bi kowane wurin da za a sa na'ura, ɗaya ya zauna da waya yana kallon allo. A kowane wuri a aika saƙo goma, mai riƙe sandar ya miƙa ta nesa da jikinsa, a rubuta nawa suka iso da SNR ɗinsu. Iyakar SF9 ita ce −12.5, don haka wurin da ya ba da goma cif da SNR sama da −2 ya yi. Wurin da ya gaza, a matsa 'yan taku daga gindin bishiya ko a ƙara wa sandar mita ɗaya a sake gwadawa. A ajiye takardar, a maimaita awon a watan Agusta lokacin da shuka ta kai tsayinta, a gwada lambobin biyu.